Yadda ake ɗaure lissafin riba, takardar kadara da shige da ficen tsaba a Excel ɗin tsarin kasuwanci

Duk wanda ya taɓa kai tsarin kasuwanci banki ko wurin mai zuba jari ya san ana neman takardun lissafi guda uku. Akwai lissafin riba da asara, akwai takardar kadara da bashi, akwai kuma takardar shige da ficen tsabar kuɗi. Yawancin mutane sukan rubuta kowacce daban, su cusa mata lambobi da hannu, sannan idan ɓangarorin takardar kadara suka ƙi daidaita su ƙara wani abu a layin tsaba har lissafi ya tashi. Jami'in banki da ya san aikinsa ba zai sha wahalar kama wannan ba. Zai canza lamba ɗaya a ciniki, ya ga riba ta motsa amma kuɗin da ke asusu bai ko girgiza ba, shi ke nan ya gane cewa takardun ba a ɗaure suke ba.

Ƙa'idar da wannan jagora ta tsaya a kai ɗaya ce: tsabar da ke takardar kadara ba a rubuta ta da hannu, daga ƙarshen takardar shige da fice take fitowa, kuma duk wani layi na takardar kadara da ya motsa, sai motsinsa ya bayyana a takardar shige da fice sau ɗaya tak. Za mu bi wannan da misalin ƙaramar matatsar man gyaɗa. Lambobin na misali ne, kuma duk wanda ke cikin gurbin Excel a dubun naira yake, wato 60000 na nufin naira miliyan 60.

Shimfiɗa shafuka kafin a rubuta lamba ko ɗaya

Ka buɗe shafuka biyar, ka sa musu gajerun sunaye marasa tazara: Hasashe, Jadawali, Riba, Kadara, Tsaba. Gajeren suna yana sauƙaƙa karanta fomula daga baya. A kowane shafi ka bar jerin C ya zama ranar buɗe kasuwanci, D shekara ta farko, E ta biyu, haka har ƙarshe. Kada shekarar farko ta zauna a D a wani shafi, ta koma E a wani. Rabin kurakuran da ake kwana ana nema daga nan suke tasowa.

Shafin Hasashe ne kaɗai wurin da ake buga lamba da hannu, sai kuma jerin C na ranar buɗewa. Ga abin da mai matatsar ya zuba a shekarar farko, lambar hagu ita ce gurbin:

```
D4  60000  ciniki
D5  70%    kason kuɗin kaya a ciniki
D6  9000   albashi, wuta, haya
D7  6      shekarun aikin inji
D8  20%    ruwan rance
D9  25%    haraji
D10 36     kwanakin bashin kwastomomi
D11 60     kwanakin kaya a sito
D12 30     kwanakin bashin dillalai
D13 1500   sabon janareta
D14 2000   biyan uwar kuɗin rance
D15 1000   abin da mai jari ya cire
```

Kason harajin nan don lissafi ya zo da sauƙi aka sa shi. Naka ka tambayi akanta, domin ya danganta da girman kamfani da dokar da ke aiki a lokacin.

A ranar buɗewa mai matatsa ya zuba jarin miliyan 20 daga aljihunsa, ya ci rancen miliyan 10, ya sayi injin matsa da na tacewa a kan miliyan 18, saura miliyan 12 suna asusu. Kadara miliyan 30, bashi da jari miliyan 30. Ka tabbata wannan jerin ya daidaita kafin ka matsa, saboda idan tushe ya karkace, kowace shekara da ke gaba za ta gaji karkacewar.

Jadawalin inji da na rance

Abubuwa biyu suna taɓa takardun uku gaba ɗaya, inji da rance, shi ya sa ake ware musu shafi. Kowannensu tsarinsa ɗaya: abin da aka buɗe shekara da shi, abin da ya ƙaru ko ya ragu, abin da aka rufe da shi. A C6 ka sa 18000, a C12 ka sa 10000.

```
D4  =C6
D5  =Hasashe!D13
D6  =D4+D5
D7  =D4/Hasashe!D7
D10 =C12
D11 =Hasashe!D14
D12 =D10-D11
D13 =D10*Hasashe!D8
```

D7 ita ce raguwar darajar inji ta shekara, miliyan 18 a raba shida, miliyan 3 ke nan. An lissafa ta a kan kuɗin injin da aka buɗe shekara da shi, don haka janaretan da aka saya bana sai baɗi zai fara cin tasa raguwar. Wannan fomula tana da iyaka: idan tsarinka ya wuce shekara shida za ta ci gaba da rage darajar injin da ya riga ya ƙare a takarda. Ga tsarin shekara uku ko biyar babu damuwa.

D13 kuma ruwan rance ne, miliyan 2, an ɗora shi a kan bashin farkon shekara da gangan, dalilin yana nan tafe. Wanda ya karɓi inji ta hanyar murabaha a bankin da ba ya ruwa, ribar da bankin ya ɗora tun ranar yarjejeniya aka san ta, sai ya raba ta a kan shekarun biya, ya sa rabon kowace shekara a wannan layin. Sauran ɗaurin bai canza ba.

Lissafin riba

Wannan shafi ba ya buƙatar dogon bayani. Ciniki a D4 daga Hasashe, kuɗin kaya a D5 ciniki sau kashi 70, gudanarwa a D6, raguwar daraja a D7 da ruwa a D8 daga Jadawali. Sauran ukun su ne:

```
D9  =D4-SUM(D5:D8)
D10 =MAX(0,D9)*Hasashe!D9
D11 =D9-D10
```

Miliyan 60, a cire 42 na kaya, 9 na gudanarwa, 3 na raguwar daraja, 2 na ruwa, saura miliyan 4 kafin haraji. Haraji miliyan 1, riba miliyan 3. An sa MAX ne don shekarar da aka yi asara kada lissafi ya nuna kamar hukumar haraji ce za ta biya ka. Lura da abin da ba ya cikin wannan shafi: kuɗin janareta, biyan uwar kuɗin rance, da abin da mai jari ya cire. Duk ukun kuɗi ne da suka fita, amma ba kashewar da ake ragewa daga riba ba ce. Wanda ya sa biyan uwar kuɗi a lissafin riba ya ɓata takardu biyu a lokaci guda.

Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar yadda aka fi samu a Nijar, za su ga SUM ya zama SOMME, ROUND ya zama ARRONDI, kuma ana raba sassan fomula da alamar ; a maimakon waƙafi.

Takardar kadara, amma a bar tsaba fanko

A jerin C na Kadara ka zuba lambobin ranar buɗewa: tsaba 12000 a C4, inji 18000 a C7, rance 10000 a C12, jari 20000 a C13. Sannan ka cike kowane layi na jerin D in ban da D4, gurbin tsaba. Ka bar shi babu komai tukuna, kada hannunka ya yi ƙaiƙayi.

```
D5  =Riba!D4*Hasashe!D10/360
D6  =Riba!D5*Hasashe!D11/360
D7  =C7+Jadawali!D5-Jadawali!D7
D8  =SUM(D4:D7)
D10 =Riba!D5*Hasashe!D12/360
D11 =Riba!D10
D12 =Jadawali!D12
D13 =C13
D14 =C14+Riba!D11-Hasashe!D15
D15 =SUM(D10:D14)
```

D5 bashin da matatsa ke bin 'yan sari ne. Idan suna ɗaukar jarkoki su biya bayan kwana 36, to a ranar rufe shekara cinikin kwana 36 yana hannunsu, miliyan 6. D6 gyaɗa da mai da tunkuzar da ke sito, na kwana 60, miliyan 7. An lissafa shi a kan kuɗin kaya, ba a kan ciniki ba, domin kaya a sito da farashin saye ake ƙiyasta su. D7 inji ne: 18 da 1.5, a cire 3, saura miliyan 16.5. D10 bashin da dillalan gyaɗa ke bin matatsa, miliyan 3.5. D11 harajin bana ne da aka ɗauka sai baɗi za a biya. D12 ragowar rance, miliyan 8. An yi amfani da 360 don lambobi su fito cif; idan ka fi son 365 babu laifi, muddin ita ce a ko'ina.

D14 shi ne ɗaurin farko tsakanin takardun. Ribar da ta taru a cikin kasuwanci ita ce ta bara, a ƙara ribar bana, a cire abin da mai jari ya kai gida. Sifili da 3, a cire 1, miliyan 2. Ta wannan gurbi kaɗai lissafin riba yake zuba sakamakonsa cikin jarin mai kasuwanci. Ɓangaren bashi da jari ya tashi a kan miliyan 34.5: 3.5 da 1 da 8 da 20 da 2.

Takardar shige da fice

A nan ne aikin yake. Wannan takarda ba ta da wata lamba tata ta kanta. Aikinta ta ɗauki riba, ta bi layukan Kadara ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: wannan motsin ya kawo kuɗi ne ko ya cinye?

```
D4  =Riba!D11
D5  =Riba!D7
D6  =Kadara!C5-Kadara!D5
D7  =Kadara!C6-Kadara!D6
D8  =Kadara!D10-Kadara!C10
D9  =Kadara!D11-Kadara!C11
D10 =SUM(D4:D9)
D12 =-Jadawali!D5
D14 =Kadara!D12-Kadara!C12
D15 =Kadara!D13-Kadara!C13
D16 =-Hasashe!D15
D18 =D10+D12+SUM(D14:D16)
D19 =Kadara!C4
D20 =D19+D18
```

Dubi yadda tsarin cirewar ya juya. A layukan kadara, D6 da D7, bara ake cire wa bana. A layukan bashi da jari, bana ake cire wa bara. Dalilin a fili yake idan ka tuna da sito. Kaya sun ƙaru da miliyan 7, wato kuɗi sun bar asusu sun koma buhunan gyaɗa, don haka dole lambar ta fito da alamar ragi. Bashin dillalai ya ƙaru da miliyan 3.5, wato an karɓi gyaɗa ba a biya ba, kuɗin suna nan a asusu, lambar ta fito da ƙari. Raguwar daraja kuwa ana mayar da ita ne saboda an cire ta daga riba alhali ba wanda aka miƙa wa ko sisi a kanta. Kuɗin inji tun ranar saye suka fita.

Mu haɗa. Riba 3, a ƙara raguwar daraja 3, a cire 6 na 'yan sari, a cire 7 na sito, a ƙara 3.5 na dillalai da 1 na harajin da ba a biya ba. Harkar yau da kullum ta cinye miliyan 2.5. Janareta ya ɗauki 1.5, banki 2, mai jari 1. Jimla kuɗi sun ragu da miliyan 7, daga 12 zuwa 5.

Sai ɗauri na ƙarshe. Koma shafin Kadara ka cike gurbin da ka bari, ka kuma ƙara layin bincike:

```
D4  =Tsaba!D20
D17 =ROUND(D8-D15,0)
```

Tsaba 5, bashin 'yan sari 6, sito 7, inji 16.5, jimla miliyan 34.5. D17 ya nuna sifili. Ba mu tilasta masa ba, da kansa ya zo, kuma wannan ne kawai irin sifilin da ke da amfani. An sa ROUND ne don kada ɗan kuskuren da kwamfuta ke yi a ƙananan gutsattsarin lamba ya tayar maka da hankali a banza.

Yanzu ka tsaya ka dubi abin da takardun suka faɗa. Matatsa ta ci ribar miliyan 3, amma asusunta ya rame da miliyan 7. Wanda ya kai lissafin riba kaɗai banki zai ce kasuwa ta yi kyau, alhali fiye da rabin tsabarsa ta tafi a shekara guda. Idan kana shakkar miliyan 2.5 ɗin nan, akwai hanya ta biyu ta gwada ta. An karɓi miliyan 54 daga kwastomomi, wato 60 ban da 6. An sayi kayan miliyan 49, wato 42 da aka sayar da 7 da ke sito, aka biya 45.5. A cire 45.5 da 9 na gudanarwa da 2 na ruwa daga 54, amsar ragin 2.5 ce. Hanyoyin biyu sun haɗu.

Daga nan ka zaɓi jerin D a kowane shafi ka ja shi zuwa E da F. Idan an bi tsarin, fomula ɗaya ce a kowane layi tun daga shekarar farko har ta ƙarshe, ba wani gurbi da ke buƙatar gyaran hannu.

Girgiza shi ka gani

Sifili a D17 bai isa shaida ba sai an taɓa hasashe ya ci gaba da zama sifili. Je Hasashe ka mayar da D10 daga 36 zuwa 72, wato 'yan sari sun ninka jinkirinsu. Riba ta tsaya a miliyan 3, bashin da ake bi ya koma 12, tsaba ta faɗi zuwa ragin miliyan 1, D17 yana nan a sifili. Mayar da shi, ka gwada ciniki, ka gwada shekarun inji, ka gwada biyan rance, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka taɓa D17 ya motsa, to a kan hanyarsa akwai lambar da aka buga da hannu ko layin da ba a ɗaure ba.

Ragin miliyan 1 a tsaba yana nufin giɓi ne da dole wani ya cike, domin asusu ba ya ƙasa da sifili sai da yardar banki. Ni na fi son a bar shi ya fito da jar launi a tsarin farko, mai kasuwanci ya gani da idonsa. Idan banki ya amince da cirar wuce-asusu, sai a ƙara mata layi a ɓangaren bashi, a raba D20 gida biyu:

```
tsaba:       =MAX(0,Tsaba!D20)
wuce-asusu:  =MAX(0,-Tsaba!D20)
```

Akwai tarko a nan. Da zarar ka yi haka, Tsaba!E19 ba zai ƙara ɗauko tsabar Kadara ba, domin ta zama sifili. Dole ya ɗauko D20 na shafinsa. Idan ka manta, giɓin zai ɓace a shekara ta biyu, bincike kuma ya tashi da daidai girmansa. Ka kuma duba cewa jimlar bashi da jari ta haɗa da sabon layin.

Sannan batun ruwa da na ce yana tafe. Wasu sukan lissafa ruwa a kan matsakaicin bashin farko da na ƙarshen shekara don ya fi kusa da gaskiya. Ga rancen da aka san jadawalin biyansa babu matsala. Amma ga wuce-asusu, ruwa yana canza riba, riba ta canza tsaba, tsaba ta canza wuce-asusu, shi kuma ya sake canza ruwa. Excel zai yi gargaɗin zagaye, wasu su je File, Options, Formulas su kunna Enable iterative calculation. Ban ba da wannan shawara ba ga tsarin ƙaramin kasuwanci. Kuskure ɗaya idan ya shiga zagayen yakan maƙale a ciki ko bayan an gyara tushensa, kuma wanda ka tura wa fayil zai iya buɗe shi a kwamfutar da ba a kunna wannan ba. Ɗora ruwa a kan bashin farkon lokaci. Idan jerinka na wata-wata ne, bambancin kaɗan ne ƙwarai.

Idan bincike ya ƙi zama sifili

Girman bambancin shi ne yake nuna mai laifi, don haka kada ka fara bin fomula ɗaya bayan ɗaya kafin ka dubi lambar da kyau. Idan D17 ya nuna 14000, raba shi biyu: 7000, kayan sito ke nan, an juya alamar a Tsaba!D7. Bambancin da ya ninka wani layi sau biyu kusan kullum juyin alama ne. Idan ya nuna ragin 1000, nemi layin da ya motsa da 1000 a Kadara. Wataƙila an manta da harajin da ba a biya ba a takardar shige da fice. Idan ragin 3000 ne a shekarar farko, ya koma 6250 a ta biyu, to abu ne mai maimaituwa, kuma a misalinmu raguwar daraja ce ba a mayar ba: 3000 na bana, da 3250 na baɗi bayan janareta ya shiga lissafi. Bambancin da ya bayyana a shekara ɗaya ya tsaya cak a sauran, abu ne da ya faru sau ɗaya a wannan shekarar, kamar sayen inji ko ƙarin jari. Kullum ka fara da jerin farko da ya karkace, sauran gado suka ci.

Idan lambar ba ta yi kama da komai ba, akwai hanyar da ba ta kuskure. A gefen Kadara ka buɗe jeri biyu. A na farko ka lissafa motsin kowane layi tsakanin C da D, a na biyu ka ɗauko abin da shafin Tsaba ya ce game da wannan layin. Inji zai haɗa gurbi biyu, D5 da D12, tara riba ma biyu, D4 da D16. Layin da jerin biyu suka saɓa, nan ne. Don farauto guraben da aka cusa wa lamba da hannu a maimakon fomula, danna F5, ka zaɓi Special, sannan Constants, Excel zai haskaka su. Trace Precedents da ke ƙarƙashin Formulas kuma yana zana kibiya zuwa gurbin da fomula take sha daga gare shi, a nan ake kama wanda ya ɗauko E a maimakon D.

Abu ɗaya da sifili ba zai gaya maka ba shi ne ko lokacin da ka zaɓa ya dace da sana'ar. Matatsar gyaɗa tana sayen yawancin kayanta da kaka, lokacin da gyaɗa ta cika kasuwanni irin su Dawanau farashi ya sauka, sannan ta yi ta matsa har bazara. Jerin shekara-shekara yana nuna sito na kwana 60 a ranar rufewa, ya ɓoye watan da sito ya cika maƙil asusu ya bushe. Don haka shekarar farko a yi ta wata-wata, jeri goma sha biyu. Ɗaurin duk yana nan yadda yake, abin da zai canza kaɗan ne: 360 ta koma 30, raguwar daraja da ruwa a raba su 12, harajin da ake bi ya riƙa taruwa har watan biya maimakon ya ɗauko na wata guda, sito kuma a daina lissafa shi da kwanaki. A ba shi jadawalinsa irin na inji: abin da aka buɗe wata da shi, a ƙara gyaɗar da aka saya, a cire wadda aka matse aka sayar, bashin dillalai kuma a ɗora shi a kan sayayyar watan. Mafi ƙarancin lamba a layi na 20 na shafin Tsaba cikin watannin nan goma sha biyu, ita ce za ta faɗa maka nawa za ka nema a banki da kuma watan da za ka buƙace shi.